Asabar Biyar da Ban Biya Ba

Asabar biyar a jere na ci tuwon shinkafa da miyar taushe a gidan abincin da ke bayan tasha, na sha zoɓo, na wanke hannu na tashi, ban biya ko sisi ba. Ban kuma san ban biya ba. Wanda ya san ni a layin 'yan gyaɗa na kasuwar Mubi zai gane dalilin da ya sa har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta yi zafi.

Na fi shekara talatin ina auna gyaɗa. Daga Kwaja aka kawo ni aure cikin gari, ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake yi surukata tana rubutawa. Baƙi ban sani ba, amma lamba ba ta ɓace mini. Dukiyar da na tara a kasuwa guda ɗaya ce, ita ce a ce wance ba ta kwana da haƙƙin kowa. Ba ni da shago mai ƙofar ƙarfe, ba ni da mota. Da wannan sunan manoman Digil suke sauke mini buhu goma su tafi ba takarda. Da shi kuma nake iya buɗe baki in yi wa kowa faɗa, kuma ina yi.

Mu shida ne muke cin abinci tare duk Asabar bayan la'asar, idan kasuwa ta fara sanyi. Ni ce babba, duk Dada suke ce mini. Biyu daga cikinsu wannan labarin ya shafa. Akwai mai wake, Kirista ce daga duwatsun Michika, rumfarta tana kallon tawa, mace mai magana a hankali kamar tana tsoron tashin wani daga barci. Akwai kuma mai manja, wadda bakinta ya fi hannunta sauri, in tana dariya har layin 'yan kifi ake ji. Sauran ukun, biyu 'yan hatsi ne, ɗaya tela.

Da can da kwano muke biya. Kwanon sha ne nake zuwa da shi, in an gama ci sai in rufe bakinsa da ɗankwali, ya zagaya. Kowa ta cusa hannu a ƙarƙashin ɗankwalin ta saki abin da ta kawo. Ni nake ɗauka in je wurin mai abinci, in juya musu baya in ƙirga. In ya cika, shi ke nan. In bai cika ba in cika daga lalitata, ba wadda ta taɓa tambayata. Amma ni ina kallon hannuwa. Na san hannun da ya shiga da nauyi, na san wanda ya shiga a dunƙule ya fito a dunƙule. Shekarar da mijin mai wake ya rasu ya bar ta da yara huɗu, hannunta ya yi wata da watanni yana shiga haka. Ban ce komai ba, ban kuma ɗauka ta san na gani ba.

Sai aka shiga lokacin da takardar kuɗi ta ɓuya, masu saye suka koma biya ta waya. Ɗana direba ne, shi ya saya mini waya mai shafawa, ya sa mini manhajar kuɗi, ya rubuta lambar asusuna a kwali ya rataye a rumfa. Mai saye ya tura, waya ta yi ƙara, in duba lambar da ta shigo, in auna masa. In zan biya manoma sai in je wurin mai cirar kuɗi da kati. Ranar da ɗana zai koma hanya ya riƙe hannuna ya ce, "Dada, abu ɗaya. Kowane saƙo ya shigo, kada ki danna komai. Lambar nan huɗu kuma ta sirri, a wurin cire kuɗi kawai za ki sa. 'Yan damfara sun fi sauro yawa." Na riƙe maganar nan kamar yadda nake riƙe mudu.

Ko bayan kuɗi ya dawo hannu, mutane ba su koma ba. Kwanona ya zagaya wata Asabar ya dawo da 'yan canji kawai, kowa kuɗinta yana cikin waya. Ranar nan mai wake ta ce akwai hanya a cikin manhajar, tunda duk iri ɗaya muke da ita.

Ina gefenta, na ga duk abin da ta yi. Abincinmu ya kama dubu goma sha huɗu da ɗari huɗu. Ta tura wa mai abinci kuɗin gaba ɗaya daga asusunta, mai abinci ta duba ta ce ya shigo. Sannan ta buɗe wurin rabawa, ta sa jimlar, ta zaɓo mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa hotonta ya fito a jere, har da nata. Waya da kanta ta raba shida, dubu biyu da ɗari huɗu a gaban kowane hoto.

"A'a, tsaya," in ji tela. "Wannan da ta ƙara farfesun kayan ciki fa? Ni zan biya mata hanji?"

"Hanji biyu ne kacal a ciki, sauran duk ruwa ne," in ji mai manja.

"Ko ruwa ne ke kika sha."

Mai wake ta gyara. Ta ɗora wa mai manja kuɗin farfesunta, ta rage wa sauranmu, namu ya koma dubu biyu da ɗari biyu, na mai manja dubu uku da ɗari huɗu, jimla ba ta canja ba. Ta danna, wayoyi biyar suka yi ƙara a kan tebur kusan lokaci ɗaya. Na ji daɗin abin. Na ce a raina, wannan na'ura ta san gaskiya.

Na duba tawa. Ga hoton mai wake, ga lambar kuɗina, ga wani koren wuri a ƙasa da rubutu a kai. Sauran kowa ta sunkuya tana ta danne-danne, amma su kullum haka suke da waya, ko ana magana ko ana ci. Ni da na saba gane komai da ido ban tambaya ba. Ban so a ce Dada ba ta gane ba. Na tuna maganar ɗana, na mayar da waya cikin jaka.

Da za mu tashi na ce mai wake ta nuna mini jerin. A gaban wadda ta biya akwai 'yar koriyar alama, a gaban wadda ba ta biya ba akwai ɗan agogo ruwan ɗorawa. Ta ɗan juya wayar wajenta tukuna, ta taɓa wani abu, sannan ta miƙo. Hotona yana da koriyar alama. Na duba tawa wayar, koren wurin nan ya tafi. Sai na ce to, ashe da kanta take cira, kamar yadda katin waya yake raguwa in kana magana. Asusuna kuwa wuni yake yi yana hawa da sauka, na mudu biyu ya shigo, na buhu ya fita, dubu biyu ba za ta nuna kanta a ciki ba.

Agogo ɗaya ne ya rage a jerin ranar nan, na mai manja. Ta ce sai Litinin, wani mai gidan abinci bai turo mata kuɗin jarka biyu ba. Asabar ta biyu ma haka. Ta uku na kasa haƙuri.

"Ke," na ce mata a gaban kowa, "kullum hotonki da agogo kamar mai jiran mota. Wannan baiwar Allah ta fitar da kuɗin wakenta ta biya mana, ke kin ci har da ƙari, sai ta yi kwana biyu tana jiranki? Da me za ta sari kaya? In babu, ki ci daidai abin da yake akwai."

Mai manja ta yi dariya, amma ba irin wadda ake ji a layin 'yan kifi ba. "Dada, netwok ne."

"Netwok ɗin bai hana ki farfesu ba."

Ta biya a take, tana cije leɓe. Mai wake ta sunkuyar da kai tana goge tebur da bai da datti. Na lura da hakan, na ɗauka kunyar faɗan take ji. Na koma gida ina jin na gyara wani abu a duniya.

Gaskiya a lokacin son jerin nan nake yi. Kwano yana ɓoyewa, jeri ba ya ɓoye kowa, kowace tana iya buɗe wayarta ta ga wa ta biya, wa ta rage. Har cewa na yi da tun farko haka ake yi.

Asabar ta shida mai wake ta tafi Michika bikin 'yar ƙanwarta. Mu biyar muka ci. Mai manja ta ce yau ita za ta biya, ta ga mai bakin da zai sake kiran agogo. Dubu goma sha biyu da ɗari biyar, ba wadda ta ƙara komai, kowa dubu biyu da ɗari biyar. Waya ta yi ƙara, na duba lamba, na mayar jaka kamar kullum. Ban nemi ganin jeri ba, hadari ya haɗu, kowa sauri take.

Ranar Lahadi da hantsi waya ta yi ƙara. Na ɗauka mai saye ne, sai na ga hoton mai manja da lambar jiya. Bayan azahar ta sake. Litinin ina buɗe rumfa ta sake. Na ce ko cira take yi sau uku? Raina ya ɓaci, ina shirin in aika a kira ta sai ga ta tafe, tana juya waya a hannu, tana murmushi har kunne.

"Dada, ina kwana? Ya gajiya? Ya netwok?"

"Lafiya. Me ya sa hotonki yake ta damuna tun jiya?"

"Tuni nake yi miki, akwai 'yar ƙararrawa da ake dannawa. Kowa ta biya, saura mutum ɗaya. Wata dattijuwa ce, hotonta da agogo kamar mai jiran mota."

Ta miƙo. Alama huɗu kore, har da tata. Hotona da agogo.

"Wayarki ce ta lalace," na ce. "Tawa da kanta take cira."

"Wace ce take cira da kanta?"

"Manhajar. Tana ƙara, ta cire, alama ta fito. Sati biyar haka take yi."

Murmushin ya sauka daga fuskarta a hankali. Ta waiga dama da hagu, ta shigo cikin rumfa ta zauna a kan buhu, ta rage murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba. "Dada, ba ta cira. Roƙo kawai take kawowa. Sai kin danna koren nan, kin sa lambarki huɗu, sannan kuɗi ya tashi daga wurinki ya je wurin wadda ta biya. In ba haka ba ko shekara za a yi ba abin da zai motsa. Da tana cira da kanta ai da kowa ya tura miki roƙo ya kwashe ki."

"To alamar da nake gani fa?"

Sai ta ce in buɗe wayata. Ta shiga inda ake ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, ta nuna mini: mai shigowa kore ne, mai fita ja. Muka bi Asabar ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa mini kwanan wata, ni ina duba lamba. Kore, kore, kore. Ja sai na wurin mai cirar kuɗi. Babu ja ko ɗaya da ya tafi wurin mai wake.

Sai ta buɗe nata rabon na ranar Asabar, ta taɓa hotona, wani rubutu ya fito. "Kin ga wannan? Wadda ta yi rabon ce kaɗai take da shi. An yi shi ne don in wata ta ba ki kuɗi a hannu, ki danna ki ce ta biya, roƙon ya rufe. Alama ta fito, amma ko kwabo ba ya motsi a asusu. Shi take danna miki."

Na zauna. Wata mata ta zo tana tambayar kuɗin mudu, ban ji ta ba sai da ta maimaita. Lambobin biyar suna kaina tun da na gan su, na haɗa su ba tare da na so ba: dubu goma sha ɗaya da ɗari shida. Kuɗin gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. Kuma da tuwonta a cikina na zauna na yi wa wannan da ke gabana wa'azi.

Na dube ta. Duk abin da take bukata yana hannunta. Da ta fita bakin rumfa ta yi dariyar nan tata sau ɗaya, kafin azahar labari ya kai wurin masu sauke mini buhu. Kuma da haƙƙinta.

"To, faɗi," na ce. "Lokacinki ne."

"In faɗi me? Kawo yatsa." Ta kama yatsana kamar na yarinya ta kai kan koren wurin. "Duba hoto tukuna, ki tabbata kin san mai shi. Duba lamba. In baƙon hoto ne, ko kuɗin da ba ki ci ba, kada ki taɓa, a nan maganar ɗanki take. To danna. Yanzu sa lambarki, na juya baya."

Na sa. Wayata ta yi ƙara, tata ta yi ƙara. Na ga ja ya fito a wurina, agogo ya koma kore a wurinta.

Ta miƙe tana karkaɗe zani. A bakin rumfa ta juyo. "Amma Dada, wallahi tun daga gida nake shirya maganganun da zan faɗa miki. Guda bakwai. Kin ɓata mini su."

Ta ɗebi gyaɗa cike da hannu ta tafi tana ci. Ban hana ta ba.

Mai wake ta dawo ranar Laraba. Na bari ta share rumfa ta jera kwanukanta, sannan na tsallaka. Na yi mata barka da dawowa, na tambayi amarya da mutanen dutse, sannan na ce, "Tun yaushe na zama abin sadakarki?"

Ta gane nan take. Ta ajiye mudu.

"Dada, ranar farko na ga sauran suna dannawa, ke kin sa waya a jaka. Kuma na san ruwa ya shiga ɗakin ajiyarki da damina, na ga buhunan da kika shanya suna baƙi. Na ce a raina abin ya taɓa ki. Sai kika ce in nuna miki jeri, ga mutane a tsaye. In nuna hotonki da agogo? Kowa tana gani a wayarta fa."

"Buhu uku ne kawai suka lalace."

"Ni ban sani ba. Ke kina faɗa wa mutum abu ne?"

"Da sai ki tambaye ni."

"Ke kin tambaye ni?" Muryarta ba ta tashi ba. "Wata tara hannuna yana shiga kwanonki babu komai. Kina juya baya ki daɗe, ina ganin gwiwar hannunki tana motsi, kina kwance lalita. Da kin tambaye ni sau ɗaya, da ban sake zuwa cin abincin nan ba. Kuma a lokacin shi ne kaɗai wurin da nake zama in ji ana dariya."

Ni da nake ganin idona ya fi na kowa, ashe ana kallon bayana. Sai na koma kan abin da na iya. Na ce ta turo mini roƙo na dubu goma sha ɗaya da ɗari shida. Ta ce ba za ta tura ba. Na ce abin da ta yi, ta yi wa wadda babu ne, ni kuwa akwai, jahilci ne da girman kai suka hana ni tambaya, ba a kuma yi wa girman kai sadaka. Ta ce to ita ma sai in faɗa mata na wata tara nawa ne. Na ce ban ƙirga ba. Ta ce ƙarya nake yi, ni da ba na manta lamba. Wannan ne karo na farko da ta taɓa ce mini haka, kuma gaskiya ta faɗa. Muka yi ta ja har mai saye ya gaji da jira ya wuce. Daga baya ta ɗauki waya tana gunaguni da yarensu, ta turo, tsakanina da ita kawai, ba a jerin kowa ba. Na duba hoto, na duba lamba, na danna.

"Useko," na ce mata, godiya da Fulatanci. Hausa ba ta ishe ni ba a wurin.

Da yamma na tarar da mudu biyu na farin wake a ƙulle a bayan buhuna. Wannan ban mayar ba.

Asabar da ta biyo, kafin a kawo abinci na ce kowa ta ajiye waya. Na faɗa musu duka, tun daga jaka har zuwa buhun da aka zauna a kai. Ba wadda ta tilasta ni, su biyun sun riga sun rufa mini asiri. Amma a kan teburin nan na ci mutuncin mai manja, a kansa ya kamata in ba ta haƙuri. Na ba ta. Tela ta yi dariya har ta ƙware da zoɓo.

"Na yafe," in ji mai manja, "amma yau farfesuna a kan hoton Dada za a ɗora."

Aka ɗora. Na biya dubu uku da ɗari shida.

Sunana bai faɗi a kasuwa ba. Manoman Digil har gobe suna sauke buhu su tafi. Na san ba ƙoƙarina ne kaɗai ya riƙe shi ba a satin nan, mata biyu ne, ɗaya ta danna abin da bai kamata ta danna ba, ɗaya ta haɗiye maganganu bakwai.

Yanzu ni ma nakan yi rabon in layi ya zo kaina. Ba ya bukatar karatu sosai, hoto ne da lamba, sai wurare uku da na haddace inda suke. In wata ce ta biya, ina danna nawa tun kafin in wanke hannu, in jira in ga ja, in rufe waya. Jerin sauran na daina buɗewa. In kuwa ni na biya dole in duba, kuma wata Asabar cikin azumin bara, da muka mayar da zaman bayan shan ruwa, na ga wata ta kalli wayarta ta kife ta a kan cinya, tana ta ba da labari da ƙarfi fiye da yadda ta saba. Na ɗan juya wayata wajena, na taɓa hotonta, na danna wurin nan na ƙasa. Surukata ta tsayar da alƙalami tana tambayata wace ce. Na ce mata ta rubuta abin da na faɗa kawai.